Faktir mai layi 47 da abin da ya koya mini

Ina aiki a wani magaze na kayan gini nan Tawa, kuma faktir ɗin da masu kawo muna kaya daga Yamai suke turowa duk foto ne ta WhatsApp. Kwantabul ɗinmu, Malam muke ce mai, da hannu yake buga su cikin ordinatar layi bayan layi, wani lokaci har bayan magariba yana zaune. Sai na ce bari in gwada in sa ordinatar ta karanta foton ta fiddo JSON, wani tsari na jera bayanai a rubuce, tunda shi lojisiyel ɗin sitok ɗinmu yake karɓa.

Na fara da Tesseract, lojisiyel mai karanta rubutun da ke cikin foto, na ce ya ba ni rubutu kawai. A ƙaramin faktir mai layi biyar ya yi daidai. Ran da anka turo mai layi 47 a shafi biyu ne komi ya dagule, saboda yadda muke rubuta kuɗɗi irin na Faransanci, ana barin fili tsakanin dubu da ɗari. Wani layi ya fito haka: `Tuyau PVC 32 12 1 500 18 000`. Mutum yana kallon takarda ya san tiyo ne mai lamba 32, guda 12, kowane jika ɗaya da rabi, jimla 18 000. Amma a rubutu tsagwaronsa babu abin da ya raba filin da ke tsakanin kolon da filin da ke cikin lamba, sai program ɗina ya ɗauki 32 a matsayin yawan kaya, 12 a matsayin farashi.

Maganin shi ne in daina neman rubutu kawai, in nemi inda kowace kalma take zaune a kan foton:

```
tesseract faktir.jpg fita -l fra --psm 6 tsv
```

Wannan yana ba ka `left`, `top`, `width`, `height` da `conf` na kowace kalma, wato wurin da take, girmanta da yawan tabbacin da yake da shi cewa ya karanta ta daidai. Sai na duba inda kanun `Qté`, `P.U.` da `Montant` suka tsaya, duk kalmar da ta faɗo ƙarƙashin kai ɗaya tasa ce, 1 da 500 suna ƙarƙashin `P.U.` sai in manne su su zama 1500. Amma fa sai foto ya miƙe, in an ɗauke shi a karkace kolon ɗin suna zamewa kafin ka kai ƙasan shafi. Shi ya sa na roƙi masu turowa su shimfiɗa takardar kan tebur, su aiko a matsayin dokima, don WhatsApp yana matse foto har ƙananan lambobi su dushe.

Duk da haka layi 49 na samu maimakon 47. Ɗaya sunan kaya ne mai tsawo da ya sauko layi na biyu, ba shi da yawa ba shi da farashi, yanzu irin wannan ina haɗa shi da na samansa. Ɗayan `Report` ne a kan shafi na biyu, jimlar shafin farko da anka ɗauko, in ka lissafa shi cikin kaya ka ninka shafi guda ke nan.

Kowane layi yanzu haka yake fita:

```json
{"designation": "Tuyau PVC 32", "qte": 12, "pu": 1500, "montant": 18000}
```

Kuɗɗi lamba ce cikakkiya ba waƙafi, tunda sefa ba mu aiki da santim. Lambar faktir da NIF kuwa rubutu nake barinsu cikin alamar zance, don in da sifiri a gaba kada ya ɓace.

Abin da ya fi yi mini amfani daga wurin Malam na samo shi. Na nuna mai sakamakon, bai ko kalli JSON ɗin ba, ya jawo kalkuletarsa ya ce, yaro, faktir da kansa yake shaidar kansa, ka ninka ka gani. Yawa sau farashi dole ya ba da `montant`. Nan take munka kama layi guda: kaya 11, farashi 2 250, jimla 38 250. To 11 sau 2 250 ai 24 750 ne. Na raba 38 250 da 2 250 sai ga 17, ashe bakwai ɗin ne ninkin takarda ya cinye ma kai ya koma ɗaya, kuma `conf` ɗinsa bai yi ƙasa ba balle in yi zargi. Da ya wuce haka da sitok ya rasa kaya shida.

Bayan layuka sai jimla. Na tara duka 47 suka ba da 642 500, daidai da `Total HT`, TVA ta Nijar kashi 19 cikin ɗari ta zama 122 075, `TTC` 764 575. Wannan na biyun ne yake kama layin da ya ɓace gaba ɗaya, wanda ninkawa ba ta gani.

Lissafin yana da inda ya tsaya. In akwai ragi a layi sai ka cire shi kafin ka gwada, in ba haka ba layi mai kyau zai yi ta fitowa kamar kuskure. Kuma in anka karanta tiyo 32 a matsayin 82, babu ninkawar da za ta nuna, don haka sunayen kaya ina gwada su da jerin da ke cikin sitok, wanda bai dace ba in ware shi. Faktir ɗin jiya layi uku kawai anka ware, Malam ya duba su da takarda a hannu kafin a kira la'asar.