Gwajin fitsari fes, mara kuwa tana wuta

Ni 'yar Aboabo ce a Kumasi, atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia. Na daɗe ina fama da ciwon da kowa yake ce masa sanyi, kuma ba sanyi ba ne. Na san akwai mata da yawa a zango da ke haɗiye irin wannan azaba, don ba abu ba ne da ake faɗa a gaban mutane.

Ciwon nawa ba irin zafin nan ba ne da ake ji lokacin da fitsari ke fita. Nauyi ne da raɗaɗi a ƙasan cibiya, yana ƙaruwa da mafitsara ta fara cika. Da na yi fitsari sai in ji sa'ida, minti ashirin ko talatin, sannan ya dawo. In na ruga banɗakin kasuwa na biya kuɗi, abin da ke fita bai kai rabin kofin shayi ba. Da dare barci ya zama gutsi-gutsi. Alwala kuwa, tsakanin Magariba da Isha'i ma ba ta tsaya mini.

Duk sanda na je kemis, sifiro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ake ba ni ko wani ɗan'uwansa. Na kai fitsari gwaji, har wanda ake ajiye shi kwana biyu zuwa uku a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro. Ba ta tsiro ba. Wani ma'aikacin lafiya ya dubi takardar ya ce mini tunani ne ya yi mini yawa. Wannan maganar ta yi mini zafi ƙwarai, kuma har yau ina ganin bai kamata a faɗa wa mai ciwo haka ba.

'Yar ƙanwata, nas ce, ita ta ce, "Inna, tun da gwaji ba ya nuna komai, ki bar shan waɗannan magunguna haka nan, mu je wajen likitan mafitsara." Ta samo mini takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye.

Likitan bai yi gaggawar sa wa ciwon suna ba, kuma daga baya na gane dalili: babu wani gwaji guda da ke nuna shi, sai an kore sauran cututtukan da ke kama da shi. Ya tambaye ni ko na taɓa zama ko wanka a bakin tafkin Bolta, saboda tsargiya, wadda gwajin ƙwayoyin cuta na yau da kullum ba ya kamawa sai an nemi ƙwanta a fitsari. An duba suga, an yi hoton ciki don tsakuwa, an duba cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa. Ya ce tibi ma yana iya kama mafitsara. Ya kuma ja mini kunne cewa ganin jini a fitsari, ko zazzaɓi, ko rama, ba na wannan ciwon ba ne, ranar da na ga ɗaya in dawo maza. Da komai ya fita lafiya ya ce, "Hajiya, ciwonki gaskiya ne. Idan ciwon mafitsara da yawan fitsari suka wuce mako 6 ba tare da ƙwayar cuta ba, akwai sunansa, ciwon raɗaɗin mafitsara, a Turance muna taƙaita shi da IC ko BPS."

Yadda ya bayyana mini, cikin mafitsara akwai wani siririn shafe da ke hana fitsari taɓa naman. Ana ganin a wasu masu ciwon shafen ya yi rauni, sai fitsari ya riƙa ratsawa kamar gishiri a kan gyambo, jijiyoyin wurin su zama masu saurin jin zafi. Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da abin da zai kashe.

Aikin farko da ya ba ni shi ne rubutu na kwana 3: lokacin kowane fitsari, yawansa, da abin da na ci ko na sha. Na sayi kofin roba mai ma'auni. Mai lafiya yakan yi fitsari kamar sau 8 ko ƙasa da haka a yini, kowanne mililita 300 zuwa 400. Ni na ƙirga sau 19, mafi yawa bai wuce mililita 90 ba. Littafin ya kuma nuna abin da ban taɓa lura da shi ba: duk ranar da na karya da koko mai citta da barkono, na ci wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin barkonon nan, da rana, daren nan babu barci.

Daga nan aka zo kan abinci, wanda ya fi komai wuya a gidan Bahaushe. Na ajiye goro, shayi, kofi, lemon kwalba, zoɓo, lemon zaƙi da na tsami, abarba, tumatir da barkono gaba ɗaya har mako 3. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa marar yaji, doya, shinkafa, ƙwai da kifi, su ne abincina. Ciwon bai tafi ba, amma ya sauka sosai. Sai na fara dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ina barin kwana 3 a tsakani, don in aka haɗa biyu ba a san mai laifi ba. Goro ya tayar mini da ciwon cikin 'yan sa'o'i. Zoɓo da shito haka. Tumatir dafaffe kaɗan a miya bai yi mini komai ba, lemon zaƙi ma rabi yana wucewa lafiya. Don haka ba na son a miƙa wa mace doguwar takardar haramci a ce ta bi har abada. Abin da ya dame ni ba lallai ya dami wata ba, kuma ƙaurace wa komai yunwa ce kawai.

Ruwa kuma ba a rage shi. Mai wannan ciwo yakan ji tsoron sha, amma fitsarin da ya yi kauri ya yi ja ya fi ƙuna. Ina kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, in rage bayan Magariba. Da azumi nakan rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, in bar shayin sahur.

Magani da aka ba ni amitiriftilin ne, miligiram 10 da dare, daga baya aka kai 25. Asalinsa na ciwon damuwa ne, amma a wannan ƙaramin awo jijiyoyin zafi yake kwantarwa. Ba ya aiki rana ɗaya, sai da na yi makonni kafin in ga bambanci. Yana busar da baki, yana sa nauyin jiki da asuba, yana kawo taurin bayan gida, wanda shi ma yana tayar da mafitsara, don haka na ƙara ganye da gwanda. Ba maganin da za a saya a kemis da ka ba ne, musamman ga mai ciwon zuciya ko mai juna biyu. Likitan ya ce in bai yi ba akwai simetidin ko haidiroksizin, akwai kuma zuba magani kai tsaye cikin mafitsara ta siririn bututu. Akwai fentosan, amma wanda ya daɗe a kansa sai ana duba masa ido, don yana iya taɓa gani.

Ya kuma hana ni atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego, ya ce naman ƙasan marata a ɗaure yake, saki yake bukata. Tsumma mai ɗumi a mara da numfashi mai zurfi sun fi mini amfani.

Ban warke ba, ciwon yakan motsa gab da al'ada ko in na yi doguwar tafiya a mota. Amma yanzu sau ɗaya ko biyu nake tashi da dare. In ya motsa da wani salo daban, nakan kai fitsari gwaji kafin in sha komai, domin mai wannan ciwo ma yana iya kamuwa da sanyi na gaske.