Dannawa dubu, ciniki biyar: darasin da ya fi zafi a tallan bincike

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin ɗalibi a aikinsa na farko shi ne auna talla da yawan waɗanda suka danna. Manyan ofis ma suna da laifi a nan, domin lambar da ta fi girma suke son gani a rahoto.

A ce shagon batirin sola ya zuba naira 200,000 a Google Ads, wato tallar da ke fitowa in mutum ya yi bincike a Google. Tallar ta fito sau 20,000, an danna sau 1,000, wato kashi 5 cikin ɗari, kowace dannawa a naira 200. Saman mazurarin, wato matakin gani da dannawa, ya yi kyau. Amma mutum 40 ne suka tambayi farashi, 5 suka saya. Kowane mai saye ya ci naira 40,000. In ribar batir ɗaya naira 25,000 ce, an yi asarar 15,000 a kowane ciniki.

Lissafin da ya kamata a yi tun kafin a kunna talla ke nan. Idan mutum ɗaya cikin 200 ke saye, a raba 25,000 gida 200. Naira 125 ce ƙarshen abin da dannawa za ta ci kafin a fara asara.

Ina kuɗin suka zurare? A buɗe rahoton Search terms, wanda ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta. Idan an bar kalmomin da aka zaɓa wa tallar a kan Broad match, wato tsarin da ke nuna talla ga duk binciken da ke da alaƙa da su, za a tarar da masu neman yadda ake gyaran batir da masu neman aiki a kamfanin sola. Duk an biya kuɗin dannawarsu, alhali ba saye ya kawo su ba. Irin waɗannan kalmomi a zuba su cikin Negative keywords, wato jerin kalmomin da ba a so talla ta fito a kansu, kuma a riƙa duba rahoton duk mako.

Mai tambayar gyara kuwa, ba a yar da shi. Shi ne rabon SEO: a rubuta shafi mai amsa tambayarsa sosai, Google ya nuna shi ba tare da kuɗin dannawa ba. Sai dai ba kyauta ba ne, akwai ladan marubuci, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya hau. Talla tana kawo mutane yau, ran da kuɗi suka ƙare ta ɗauke ɗif. Biyan talla kuma ba ya ɗaga shafi a sakamakon da ba na kuɗi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake rabon yabo. Mutum ya karanta shafin gyara, bayan sati biyu ya rubuta sunan shagon, ya danna talla, ya saya. In dannawar ƙarshe kaɗai aka ƙirga, talla ce za ta kwashe yabon, a kira wanda ya rubuta shafin a tambaye shi abin da ya tsinana.