Lahadi, ranar lissafin talla

Yau ban buɗe shago ba. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma, na ɗauko littafin da muke rubuta masu sayen turaren wuta da humra tun farkon wata. Layi huɗu ne kawai: rana, abin da aka saya, kuɗin da aka biya, sai inda mutum ya ji labarinmu.

Wuri uku na sa kuɗi a wannan watan. Tallan Instagram ya ci naira 30,000, sanarwar rediyo 40,000, sai katin da na buga na naira 6,000 na raba wa masu lalle da gyaran amare, kowacce na rubuta lambarta a bayan katinta, da alkawarin 500 kan duk wadda ta turo ta saya. A Instagram na sa mahaɗin WhatsApp mai zuwa da saƙo a rubuce, "Na gani a Instagram", don kada in dogara da tunawar mutane.

Da a ce an tambaye ni jiya, da na rantse Instagram ne gaba. Saƙo 94 fa! Waya ba ta huta ba. Amma da na bi layi ina ƙirga waɗanda kuɗinsu ya shigo, shida ne. Sauran "nawa ne?" sai shiru. Na raba 30,000 gida shida, kowace mai saye ta tsaya mini a 5,000, alhali ribata a sayen farko ba ta cika wuce 4,000 ba. Sai ta dawo karo na biyu kafin in ga riba.

Katin da na raina ya kawo mata 12. Kuɗin bugu da la'adarsu 12,000 ke nan, dubu ɗaya kowacce.

Rediyo ne ya ɗaure mini kai. Mutum biyar aka rubuta, wato 8,000 kowanne. Sai dai akwai bakwai da ƙanwata ta rubuta wa "WhatsApp", kuma ni ban yi talla a can ba.

"Yaya, haka suka ce mini," in ji ta.

Gaskiyarta, ta nan suka yi mana magana, amma ba nan suka fara jin mu ba. In duk bakwai ɗin daga rediyo suke, lissafinsa zai sauko ƙasa da 3,500, ya doke Instagram. Ga shi mai jin rediyo yakan ajiye lamba sai biki ya matso. Don haka ba zan yanke masa hukunci da wata ɗaya ba.

Daga gobe tambayar ta koma "Wa ya ba ki lambarmu?" Wata mai kamawa kuma tsohon layina zan bayar a rediyo, shi kaɗai, duk kiran da ya shigo ta can na san tushensa. Instagram na rage shi zuwa 10,000, sauran zan ƙaro kati. Bari in nemo cajar tsohuwar wayar nan kafin su ɗauke wuta.