Abin da rami mai mita 48 ya koya mini

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a kamfanin da na shafe shekaru ina shimfiɗa masa bututun ruwa da na magudana, kuma tun da na miƙa takardar, aiki ɗaya ne ke yawan dawo mini a rai. Ba shi ne mafi girma da na taɓa yi ba. Layin magudana ne na bututun roba mai faɗin milimita 160, tsawonsa mita 48 tsakanin cemba biyu, wato ramukan da ake buɗewa a duba magudana, a ƙarƙashin hanyar da motoci ke bi su shiga harabar wani gini. A shekarata ta biyu aka ba ni shi, kuma shi ne aiki na farko da na sa wa hannu da sunana.

Zanen injiniya ya nemi gangara ta 1 cikin 80, wato kowane bututu mai tsawon mita 6 zai sauka da milimita 75, layin gaba ɗaya kuma ya sauka da milimita 600. Ya kuma nemi shimfiɗar ƙananan tsakuwa mai kaurin milimita 100 a ƙarƙashin bututun, da ƙasa mai kaurin milimita 900 a samansa saboda motoci. Mun haƙa ramin, amma tifar tsakuwa ba ta zo ba. Kwana biyu muna jira, mai ginin yana ƙorafin an toshe masa hanya, ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma. A rana ta uku shugabanmu na wurin aiki ya tsaya a bakin ramin ya ce in ɗora bututun a kan gutsattsarin bulo, ɗaya a kowace mahaɗa, in daidaita gangarar da su, katafila ta mayar da ƙasar da aka haƙo. Na ce masa: "Yallaɓai, zane ya ce tsakuwa, kuma ƙasar nan akwai laka da duwatsu a cikinta." Ya ce: "Kai dai yi abin da na ce. Tun ba ka san diga ba nake binne bututu."

Na yi abin da ya ce, kuma na yi shi da kyau iyakar iyawata, wanda shi ne abin da ya fi ba ni takaici daga baya. Na ja igiya, na auna kowace mahaɗa, gangarar ta fito daidai. Muka toshe bakin ƙasa, muka cika layin da ruwa, bai rage ba. Na tsaya a cemba ta sama na haska tocila, abokin aikina ya hango hasken a zagaye cif daga ɗaya ɓangaren. Na sa hannu a takardar gwaji da kwanciyar hankali, kafin magariba kuma an rufe ramin.

Bayan wasu watanni, a tsakiyar damina, aka kira mu cewa bayan gida ya daina tafiya. Aka zura sanda aka buɗe, bayan mako uku ya sake toshewa. Wannan maimaituwar ita ce alamar farko da ya kamata kowa ya riƙe: toshewar da ke dawowa wuri ɗaya bayan an share ta sau da yawa ba laifin masu amfani da ginin ba ce, matsala ce a kwanciyar bututun. Alama ta biyu tana saman hanya, inda ƙasa ta lotsa a miƙe bisa layin ramin. Da na sake haska tocila, hasken da ya kasance zagayayye ya koma kamar jinjirin wata, domin ruwa ya kwanta a ciki ya rufe wani sashe. Da muka zuba bokitin ruwa a cemba ta sama, ya daɗe kafin ya iso ta ƙasa, kuma ya iso yana tsiyaya a hankali.

Sai da muka tone na fahimci abin da na aikata. Bututun siminti yana ɗaukar nauyin da ke kansa da ƙarfin jikinsa. Bututun roba ba haka yake ba: idan nauyi ya danne shi daga sama, yakan ɗan baje zuwa gefe, ƙasar da ke kuiɓinsa biyu ce ke tokare shi ta hana shi ci gaba da bajewa, wadda ke ƙarƙashinsa kuma ita ke riƙe shi a kan gangararsa. Bututun da ƙasar da ke kewaye da shi tare suke ɗaukar kayan. Ni kuwa na rataye shi a kan bulo, tazarar mita 6 tsakanin kowane biyu, ƙasar da katafila ta juye ba ta shiga ƙarƙashinsa ba, ta bar kogo. Da ruwan sama ya jiƙa cikon, ƙasar ta zauna, motoci suka ƙara dannawa, sai bututun ya yi ciki tsakanin bulo da bulo.

A wuri mafi muni mun auna lotsawar milimita 70 a tsakiyar bututu ɗaya. Lissafin ba shi da wuya. Daga tsakiyar bututun zuwa bakinsa na ƙasa mita 3 ne, gangarar da ke wannan tazara kuwa ba ta kai milimita 38 ba. Ke nan tsakiyar ta koma ƙasa da mafitar ruwan da fiye da milimita 30, ruwa ya samu wurin kwanciya, duk wani abu mai nauyi da ya taho da shi ya zauna a nan yana taruwa. A kan bulon kuma wata ɓarnar ce daban. Duk nauyin ya taru a ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba, bututun ya matse ya zama kamar ƙwai. Abin da aka saba amincewa da shi shi ne matsewar da ba ta wuce kusan kashi 5 cikin 100 na faɗin bututun ba, wato milimita 8 a wannan girman, mu kuwa mun samu wurin da ya kusa 20, har zoben robar mahaɗar ya saki yana yoyo. A wani wurin kuma dutse mai girman dunƙulen hannu ya zauna a bayan bututun ya yi masa lotso.

Da aka zauna bincike, takardar da ke ɗauke da sa hannuna aka ajiye a kan tebur. Shugaban nawa ya ce shi umarnin gaggauta aiki ya bayar, bai taɓa cewa a bar tsakuwa ba, kuma babu wanda ya tambayi leburorin da suka ji maganar da kunnensu. Aka yanke mini wani ɓangare na albashi, aka ɗage ƙarin girman da nake jira, shi kuwa bai rasa komai ba. Har yau ban ga adalci a wannan hukunci ba. Amma laifi tudu ne, kuma na san nawa: na karanta zanen, na san abin da ya ce, na kuma sa hannu a kan abin da ya saɓa masa. Gwajin ruwa da na dogara da shi yana nuna cewa mahaɗa ba ta yoyo a ranar da aka yi shi, ba ya faɗin komai game da abin da zai faru bayan an ɗora wa bututun ƙasa. Tun daga lokacin, duk umarnin da ya saɓa wa zane nakan nemi a rubuta mini shi, kuma abin lura ne yadda irin wannan umarni ke janyewa da zarar an nemi a sa masa hannu.

Ni aka ba gyaran, kuma na roƙi a bar ni in yi shi yadda ya kamata. Mun haƙa ramin da faɗin bututun da ƙarin milimita 150 a kowane gefe, domin mutum ya samu wurin daɓe kuiɓin. Mun gyara gindin ramin da shebur, inda muka tarar da laka mai laushi muka kwashe ta muka cike da tsakuwa, tunda ƙasar da aka tona aka mayar ba ta riƙe kaya kamar wadda ba a taɓa ba. Muka zuba shimfiɗar tsakuwa mai girman kusan milimita 10, muka fitar da gangarar a jikin shimfiɗar kanta, sannan a kowace mahaɗa muka ɗan rarake gurbi domin bakin bututun mai faɗi ya shige, jikin bututun ya kwanta a kan tsakuwa daga farko har ƙarshe.

Matakin da ya fi cin lokaci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne cusa tsakuwa a ƙarƙashin kuiɓin bututun, wurin nan da ya lanƙwasa ya shige ciki, inda abin da aka zubo daga sama ba ya kaiwa da kansa. Da hannu da guntun katako ake tura ta, gefe biyu a lokaci guda, domin idan aka cika gefe ɗaya kaɗai bututun zai goce daga layinsa. Muka ci gaba da haka har tsakuwar ta rufe bayansa da milimita 100. Daga nan muka zuba zaɓaɓɓiyar ƙasa wadda aka tsince duwatsu da dunƙulen laka daga cikinta, hawa-hawa, kowane hawa kusan milimita 150, ana daɓewa da hannu. Ban bari injin daɓe ya hau ba sai da aka samu milimita 300 a saman bututun. Na maimaita gwajin ruwa da na tocila bayan an gama ciko, ba kafin ciko kaɗai ba. Aikin ya ci kwana huɗu a maimakon yini ɗaya, kuma iya zamana a kamfanin ba a sake kiranmu a kan wannan layi ba.

Sauran abubuwan da na koya sun zo da sauƙi. Inda zurfin bai samu ba a ƙarƙashin hanyar mota, a kare bututun da falan kankare a sama, kada a yi fatan zai jure. Bututun ruwan sha da ya sha rana yakan miƙe ya ƙara tsawo, don haka a bar shi ya huce a cikin rami kafin a haɗa bakinsa na ƙarshe. A layin da ruwa ke tafiya da matsi kuma mahaɗarsa ta zoben roba ce, kowace kwana tana buƙatar tokarin kankare. A shimfiɗa kirtanin gargaɗi a cikin ciko saboda wanda zai zo haƙa bayan shekaru. Ramin da ya wuce mita 1.2 kuma ba na barin kowa ya shiga sai an tokare bangonsa.

Yaran da na horar sun san cewa kafin a zuba shebur ɗin farko na ciko nakan sauka cikin ramin da kaina, in bi layin ina zura hannu a ƙarƙashin bututun. Idan yatsuna suka shige, ba a rufewa a ranar, ko da wa ke tsaye a bakin ramin yana duba agogo.