Yadda na sake haɗa wutar sumo a wata rijiyar burtsatse a Gusau bayan na farko ya ƙone

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, wani dattijo da na yi wa aikin wuta a gidansa da ke Tudun Wada a Gusau ya kira ni ya ce ruwa ya daina hawa tanki. Da muka zaro sumon, wato famfon da ake zurawa cikin ruwa, daga rijiya, warin ƙonanniyar waya ne ya fara dukan hancinmu, da aka kwance kan famfon kuma muka tarar fikafikan robar da ke tura ruwa sun narke sun manne da juna. Ni ne na haɗa wutar wannan sumo wata bakwai kafin nan, don haka babu wanda zan ɗora wa laifi. Alhajin bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya kawai ya yi mini: "Malam, ba ka ce ka sa bireka ba? Me ya hana ta faɗuwa?" Ban ba shi amsa mai gamsarwa a ranar ba, sai da na zauna na bi aikin nawa tun daga farko.

Sumon mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, wato kilowat 1.1, mai cin layi ɗaya na bolt 230, kuma a jikinsa an rubuta cewa yana jan kusan amfiya 8. An rataye shi a zurfin mita 55, daga bakin rijiya zuwa inda akwatin wuta yake kuma akwai mita 35, ke nan wutar tana tafiyar mita 90 kafin ta isa ga injin. Kuskurena na farko shi ne na sa kebul mai kaurin milimita 1.5, bisa hujjar cewa wannan kauri yana ɗaukar amfiya 8 ba tare da ya yi zafi ba. Hujjar gaskiya ce, amma ba ita ce ke da muhimmanci a doguwar tafiya ba, domin waya tana shanye wani kaso na ƙarfin wuta a kowace mita, kuma siririya ta fi kakkaura sha. A teburin da muke aiki da shi, wayar tagulla ta milimita 1.5 tana zubar da milibolt 29 a kan kowace amfiya a kowace mita, ta 2.5 tana zubar da 18, ta 4 kuma 11. Lissafin da ya kamata in yi tun farko shi ne wannan:

```
1.5 mm²: 29 × 8 × 90 / 1000 = 20.9 V
2.5 mm²: 18 × 8 × 90 / 1000 = 13.0 V
4 mm²:   11 × 8 × 90 / 1000 =  7.9 V
```

Ƙa'idar ita ce kada asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11.5, don haka ko ta 2.5 da yawancin abokan sana'ata ke saya ba ta tsallake ba a wannan nisa. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, na sha auna wutar layi a wannan gida da yamma in same ta a bolt 205. Idan aka cire 21 daga ciki, abin da ke isa ga injin bai wuce 184 ba, alhali an gina shi ne ya jure ragin kashi 10 kawai, wato ya tsaya a 207. Injin da wuta ba ta ishe shi ba yakan yi nauyin tashi, ya ƙara jan amfiya, wayoyin cikinsa su riƙa gasuwa a hankali. A aikin na biyu na sayi kebul na cikin ruwa mai jijiya huɗu, milimita 4, kuma sai da na fere bakinsa a shago na kankare jijiyar da wuƙa, domin akwai wanda ake sayarwa a kasuwa da alminiyan ne aka shafa masa tagulla, wanda cikinsa yake fitowa fari.

Jijiyoyin huɗu su ne ta babban naɗi, ta naɗin tayarwa da ke bi ta kafasita, ta tsakiya da ta haɗa su, sai ta atin mai launin kore da rawaya. Ban dogara da launi ba a sauran ukun, saboda masu ƙera injin ba su daidaita a kai ba. Na auna su bibbiyu da mita, na sami om 2.5, om 6 da om 8.5. Biyun da suka ba da adadi mafi girma su ne bakin naɗe-naɗen biyu, wadda ta rage ita ce ta tsakiya. Daga ita, wadda ta ba da 2.5 ita ce babban naɗi, mai 6 kuma ita ce ta kafasita, wadda a wannan inji mai maikirofarad 40 ce. Idan aka musanya biyun nan, injin zai iya juyawa har ya kawo ɗan ruwa, amma ba zai daɗe ba. Mahaɗar kebul da guntuwar wayar injin kuwa, tunda a cikin ruwa za ta zauna, na matse kowace jijiya da ƙarfen haɗi, na rufe da robar da ake gasawa mai danƙo a ciki, na jiƙa mahaɗar a bokiti na tsawon awa guda, sannan na gwada da mega, mitar da ke nuna ko rufin waya yana yoyon wuta, a kan bolt 500 kafin mu zura. Mun ɗaure kebul ɗin a jikin bututu duk bayan mita 3, nauyin sumon kuma igiya ce ta ɗauke shi.

A nan ne amsar tambayar Alhaji ta fito. Birekar da na sa da farko ta amfiya 32 ce, irin wadda ta rage mini daga wani aiki. Aikin bireka shi ne ta kare waya idan wuta ta haɗu, amma injin da aka yi wa amfiya 8 zai iya jan 12 ko 14 na sa'o'i har ya ƙone, ita tana nan a tsaye ba ta san ana yi ba. A sabon akwatin na sa mai lamba C16 da ke yanke waya biyu a tare, domin irin wannan tana jure fizgar tashi, wadda takan ninka amfiyar aiki sau uku zuwa biyar na ɗan lokaci kaɗan. Bayanta na sa mai gano yoyon wuta ta miliamfiya 30, saboda yara suna taɓa bututun ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu, na kuma kafa sandar atin kusa da rijiya. Sai kwantakta, makunnin da ke ba injin wuta ko ya yanke ta, tare da rilen obalodi, mai yanke wuta idan injin ya ja fiye da kima, da na saita a daidai amfiya 8, wanda shi ne ainihin mai gadin injin. Rile ɗin mai ƙafa uku ne, an yi shi don layi uku, don haka na bi da wayar wuta ta ƙafa ta farko, na dawo da ita ta biyu, na ba wa wayar dawowa ta uku, domin idan aka bar ƙafa ɗaya babu komai zai ɗauka layi ya yanke ya riƙa faɗuwa ba dalili. Na ƙara da na'urar da ke yanke wuta idan ta sauka ƙasa da bolt 200 ko ta haura 250.

Duk da haka, wannan bai bayyana narkewar fikafikan ba, sai da na je wurin tsohon maigidana da ya koya mini sana'a na ce masa: "Baba, ko da na sa obalodi, da ya hana wannan?" Ya girgiza kai ya ce: "Yaro, famfon da ya rasa ruwa ai sauƙi ya samu, amfiyarsa ƙasa take yi. Obalodi ba ya ganin sauka." Ruwan da sumo yake turawa shi ne ke sanyaya injin, shi ne kuma man da fikafikan ke zamewa a kai, idan ya yanke sai roba ta goge roba har ta narke. Gusau a kan dutse take zaune, ruwan rijiyoyinta daga tsagogin dutse yake tsattsafowa, saɓanin Birnin Kebbi da ke kan yashi mai riƙe ruwa da yawa. Rijiyar da ke wadatar da gida a ƙarshen damina takan gaza a bazara. Da muka gwada da sabon injin, mun sami ruwan a mita 18 daga sama, amma cikin kusan minti ashirin ya sauka har bakin sumon, domin injin yana fitar da lita 40 a minti guda, rijiyar kuwa ba ta mayar da fiye da 15.

Akwai na'urorin da ke gane bushewa ta hanyar lura da raguwar aikin injin, kuma suna da amfani inda ba a iya zura komai a rijiya, amma ni na zaɓi rilen matakin ruwa mai sanduna uku, saboda ina iya gwada shi da hannuna. Sandar gama-gari na sa ta a mita 54, ta kashewa a mita 53, wato sama da inda sumon yake shan ruwa, ta kunnawa kuma da farko na sa ta a mita 50. Wannan tazara ta yi kaɗan: injin ya riƙa tashi yana mutuwa duk bayan 'yan mintuna, yawan tashi kuwa shi ma yana dafa injin da kafasita. Na ɗaga ta zuwa mita 35, sai ya zama akwai kimanin lita 200 tsakanin sandunan biyu, injin ya riƙa aikin minti takwas ya huta fiye da rubu'in awa. Na kuma ɗan matse bawul ɗin bakin rijiya domin fitar ruwan ya matso kusa da abin da rijiyar ke bayarwa.

Haɗin kansa jeri ɗaya ne: wutar da ke zuwa bakin haɗi mai lamba A1 na kwantakta tana bi ta bakuna masu lamba 95 da 96 na obalodi, ta bi ta rilen matakin ruwa, ta bi ta fulot, makunnin da ke shawagi a saman ruwan tanki, daga A2 kuma ta koma. Duk wanda ya buɗe a cikinsu, injin ya tsaya. Ban bi da amfiyar injin kai tsaye ta cikin fulot ba, kamar yadda ake yawan yi, domin ƙananan bakunansa sukan ƙone su manne.

A gaban Alhaji na gwada kowanne. Na danna maɓallin gwaji na mai gano yoyo, ta faɗi. Na ɗaga fulot da hannu, kwantakta ta saki. Sannan muka bar injin yana aiki muna kallon mitar da ke maƙale a waya tana nuna amfiya 7.6, da bolt 214 a akwati, har ruwa ya sauka ƙasa da sandar kashewa muka ji ƙarar sakin kwantakta tun ruwan bai fara tartsatsi a bakin bututu ba. Na rubuta waɗannan alƙaluma biyu da kwanan wata a cikin murfin akwatin, na kuma nuna wa babban ɗan gidan jar fitilar rilen, na ce masa idan ya ganta a kunne ya jira ruwa ya taru, kada ya bari kowa ya danne kwantaktar da tsinke.