Hunturu da fiyano a Sakkwato

Aikin gyaran fiyano ya koya mini cewa madanni ba ya raka guduma har kan tsirkiya. Madannin dogon katako ne mai lilo a tsakiya: ka danna gaba ya sauka kamar milimita 10, baya ya ɗaga. Bayan madannin yana tura wani siririn matokari, shi kuma ya cilla gudumar, wadda ke tafiyar kusan milimita 45. Saura milimita 2 ko 3 ta isa tsirkiya sai matokarin ya zame gefe, guduma ta ƙarasa ita kaɗai, ta buga, ta dawo. Da zai raka ta har can, sai ta manne wa tsirkiyar ta kashe sautin. Wannan dabarar Bartolomeo Cristofori ce, a Italiya, wajen 1700. Idan matokarin ya zame da wuri, taɓawa a hankali ba ta fitar da sauti. Idan ya makara, za ka ji guduma ta toshe.

Kaucewar murya kuwa, a garin nan yawanci laifin iska ne. Fiyano na da tsirkiya wajen 230, jansu gaba ɗaya ya kusa tan 18, kuma suna bi ta kan jaki, irin na garaya, wanda ke zaune a kan allon katako mai ɗan tudu. A watan Agusta allon ya sha laima ya kumbura, ya ɗaga jakin, murya ta hau. Hunturu na shigowa ya tsotse shi, tudun ya kwanta, murya ta sauka. Katakon ya fi son laima kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa a Janairu takan faɗi ƙasa da 20.

A wata makaranta aka kira mu a Disamba, wai fiyano ya lalace. Maigidana ya buga madannin A na tsakiya, wanda ya kamata ya ba da girgiza 440 a daƙiƙa, na'ura ta nuna 436. Makwabtansa duk sun sauka tare, na can gefe da gefe ba su motsa sosai ba. Ya ce, "Yaro, wannan aikin iska ne." Amma akwai madanni ɗaya da ke rawar murya, wau-wau, sau biyu a daƙiƙa. Tsirkiya uku ne a kansa. Ya toshe biyu da ulu yana saurarensu ɗaya-ɗaya, sai ga guda ta sauka ita kaɗai. Ƙusar da ke riƙe ta ce ta yi sako-sako, don katakon da aka kafa ta ciki ya bushe. Irin wannan ko ka ja ta, baya za ta koma, sai an sa ƙusa mai ɗan kauri.

Sauran kuma bai ja su a ranar ba. Ya sa aka janye fiyanon daga bakin taga, ya ce a bari hunturu ya zauna sosai tukuna, don saitin da aka yi allo na cikin motsi ba ya daɗewa.