Wutsiyar fayil: yadda nake yanko sabbin layukan log

Shagona ɗan ƙarami ne a Kano, ni da yara biyu. Muna haɗa wa shagunan magani da makarantu kwamfutoci, mu ɗora musu saba, wato babbar kwamfutar da sauran suke dogaro da ita, sannan mu riƙa kula da ita ana biyanmu duk wata. Rabin aikin ba ja waya ba ne ko ɗaure kusa, karatun log ne, wato fayil ɗin da manhaja take rubuta duk abin da ya faru da ita, layi bayan layi, kowane layi da lokacinsa. Sabon labari kullum a ƙasa yake sauka, kuma fayil ɗin ba ya daina girma.

Akwai wani kantin magani a Sabon Gari da nake kula wa da saba mai Ubuntu. Manhajar cinikinsu ta fara tsayawa da yamma, daidai lokacin da jama'a suka cika kanti. Mai manhajar yana wani gari, ya ce in turo masa log. Da na duba sai na ga fayil ɗin ya haura gigabait biyu, domin tun da aka ɗora manhajar babu wanda ya taɓa rage shi. Tura wannan da datar waya ɓarnar kuɗi ne, kuma ko ya isa, wa zai zauna ya karanta? Yarona ya riga ya gwada buɗe shi da `cat`, allo ya yi ta gudu har ya gaji ya katse.

Abin da ake yi shi ne a kamo wutsiyar kawai, kuma sunan umarnin ke nan, `tail`. Idan ba ka faɗi adadi ba, layi goma na ƙarshe yake bayarwa. Ni na nemi ɗari biyu, na juye su cikin wani fayil dabam:

```
tail -n 200 /var/log/shago/app.log > ~/yanki.txt
```

Kafin ƙiftawar ido ya gama, domin `tail` ba ya karanta fayil daga sama, tsalle yake yi zuwa ƙarshe ya ƙirgo layuka ta baya. Girman fayil bai dame shi ba.

Na tura yankin, mutumin ya ce bai ga komai ba. Gaskiyarsa. Da na duba lokacin da ke kan layin farko da na ƙarshe, sai na ga daƙiƙa biyar ne kawai tsakaninsu. Manhajar tana zubo wajen layi arba'in a daƙiƙa ɗaya idan ciniki ya yi zafi, matsalar kuwa ta faru kusan minti goma kafin in iso. Minti goma daƙiƙa 600 ne, a ninka da 40, layi 24,000 ke nan. Ɗari biyuna ko kusa ba su kai wurin ba. Tun ranar na ɗauki ɗabi'a: duk yankin da na yanka sai na duba lokacin layinsa na farko da `head -n 1` kafin in tura wa kowa. Adadin layi ba ya gaya maka tsawon lokaci.

Ƙara adadi a yi ta cinke ba shi ne mafita ba. Abin da na fi so shi ne in kafa tarko tun kafin matsalar ta zo. Washegari bayan La'asar na zauna a kantin na buga wannan:

```
tail -n 0 -F /var/log/shago/app.log | tee ~/yanki-laraba.txt
```

`-n 0` yana nufin kada a nuna mini ko layi ɗaya na tsohon zance. `-F` yana sa `tail` ya tsaya yana jira, duk layin da ya sauka ya fito da shi nan take. Shi kuma `tee` yana raba ruwan gida biyu, ɗaya a allo ina gani, ɗaya cikin fayil. Da na yi amfani da `>` kaɗai, allon zai zauna shiru, ba zan san ko wani abu yana shiga ba. Na ce wa yarinyar da ke kan kanta, "Malama, da zarar ta tsaya ki ɗaga mini hannu." Wajen ƙarfe biyar da rabi ta ɗaga, ni ma na riga na ga allon ya cika da layi iri ɗaya, `Too many connections`. Na bari ya ƙara minti ɗaya, sannan na danna Ctrl+C, domin wannan umarnin ba ya ƙarewa da kansa.

Saƙon na MySQL ne, wato rumbun da manhajar take ajiye bayananta, lambarsa 1040. Iyakar da MySQL yake zuwa da ita haɗi 151 ne a lokaci guda, manhajar kuma tana buɗe haɗi ba ta rufewa, sai su taru tun safe har su cika da yamma. Mai manhajar ya gane wurin daga layukan da suka gabaci saƙon, abin da ya sa ban tace yankin ya rage layin kuskure kaɗai ba. Kafin in tura sai da na bi shi na goge sunaye da lambobin wayar masu saye da suka shiga ciki. Sirrin mai sayen magani ba na yawo a WhatsApp ba ne.

Me ya sa babban `-F` ba ƙaramin `-f` ba? Wannan ma da kunya na koya. Bayan gyaran na saita `logrotate` ya riƙa juya fayil ɗin kullum, sannan na bar tarko ya kwana a cikin `tmux` don kada yankewar intanet ta kashe shi, amma da ƙaramin `-f`. Da safe na tarar yankin ya tsaya cak tun tsakar dare, har na ɗauka saba ta mutu ko inbata ta sauke. Ashe an canza wa fayil ɗin suna zuwa `app.log.1`, an buɗe sabon `app.log`, manhaja ta koma can. Ƙaramin `-f` yana riƙe da fayil ɗin da ya buɗe ne ko da an sake masa suna, sai ya zauna gadin tsohon gida bayan an tashi. Babban `-F` suna yake bi, idan sabon fayil ya bayyana da wannan sunan sai ya koma kansa. Alamar mai sauƙi ce: allo ya yi tsit alhali ana ciniki, `ls -l` kuma ya nuna sabon fayil yana girma.

Wajen adanawa akwai rami biyu da nake nuna wa duk yaron da ya zo koyon aiki. `>` da `tee` duka suna share abin da ke cikin fayil kafin su rubuta, don haka idan ana son ƙarawa a kan na jiya sai `>>` ko `tee -a`. Ni dai na fi son kowane yanki da sunan ranarsa. Ɗaya ramin ya fi zurfi. Wani yarona ya taɓa son rage wani log ya bar ƙarshensa kawai, sai ya rubuta `tail -n 500 app.log > app.log`. Tun kafin `tail` ya fara karatu, alamar `>` ta riga ta zubar da komai, fayil ya koma babu ko harafi ɗaya. Log na wata huɗu ne, na wata makaranta, kuma ba mu da kwafinsa. Ni na je ofishin shugaban makarantar na ba da haƙuri, kuma ban karɓi kuɗin wannan watan ba.